Raba kundin digiri babi-babi: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka?

Kafin ka biya ko sisi a shagon kwamfuta a Katsina, ka fara sanin ko za a ci gaba da gyara babukan, ko karantawa da bugawa kawai za a yi. Amsar ce ke zaɓa maka hanya.

In an gama gyara, a mayar da kundin gaba ɗaya PDF tukuna, sannan a yanka. A PDF, rubutun saman shafi da lambar shafi sun riga sun zauna daram, yanka ba ya taɓa su. Sai dai a fitar da shi daga Word ta Save As, a shiga Options a kunna Create bookmarks using: Headings. Wanda ya bi ta Microsoft Print to PDF ba zai samu alamomin babi ba, kuma da su ne PDFsam Basic ke yanka da kansa. Manhajar kyauta ce, tana aiki ba tare da data ba. Adobe Acrobat Pro ma yana yi, amma kuɗin rajista ake ta biya. Mai shago da ke wannan aiki kullum zai iya mayar da kuɗinsa, ɗalibi mai kundi ɗaya kuwa asara zai yi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lissafi. A ce kundin yana da shafukan gabatarwa 12 masu lambar Rum, har da bango, Babi na Biyu kuma ya kama daga shafi na 15 zuwa 38. Manhaja ba ta duba lambar da ke ƙasan takarda, daga bango take ƙirge. Sai ka ƙara 12, ka yanka 27 zuwa 50. Da qpdf, manhajar da ake rubuta wa umarni, ita ma kyauta:

```
qpdf kundi.pdf --pages . 27-50 -- babi2.pdf
```

In fayil ya buɗe a tsakiyar Babi na Ɗaya, an manta ƙarin ke nan.

In malami zai yi gyara a ciki, dole a zauna a Word. Kar a kwafe babi zuwa sabon fayil, don rubutun saman shafin ba lallai ya biyo ba. A yi kwafin kundin duka, a goge sauran babukan, a shiga Format Page Numbers a sa Start at 15. A yi hattara da Section Break na ƙarshen babin, domin a cikinsa Word ke ajiye rubutun saman shafi da tsarin lamba. Da an goge shi, babin zai ɗauki na sashen da ke biye. Wahalar wannan hanya ita ce, in Babi na Ɗaya ya ƙaru da shafi biyu, duk na bayansa sai an sake musu lamba da hannu.

Master Document na Word yana raba babuka da kansa, amma ya yi ƙaurin suna wajen lalata fayil. Ban ba da shawararsa ga kundin da ba a ajiye kwafinsa a filas ba.