Injin binciken da na saya ya ɓoye min ciwon ƙoda

Tauraro biyu na yi niyyar ba masu injin. Na haɗa wannan injin bincike a shafina na bayanan lafiya don masu karatu su daina wahalar lalube. Sauri kam yana da shi, ban da ja.

Rigimar ta taso ne kan rubutuna na ciwon ƙoda, wanda na fi wahala a kansa. Wata ta aiko min saƙo wai ta nema, injin ya ce babu. Na buɗe kundin da yake ajiye abin da mutane suka nema, sai ga su jere: "ciwon koda", "ciwon qoda", "ciwon k'oda", kowanne sakamako sifili. Rubutun na nan daram, amma sai mai ƙ a allon wayarsa ne kaɗai ke isa gare shi. Su nawa ne ke tsayawa neman ƙugiya alhali ciwo na cin su?

Abin da ya fi ba ni haushi, a tallarsu sun ce injin ba ya damuwa da alamomin kan haruffa. Gaskiya ne ga é, domin a tsarin Unicode ana iya raba shi gida biyu, e da alamarsa, a yar da alamar. Shi kuwa ƙ harafi ne sukutum, lambarsa U+0199, ƙugiyar ba ta ciruwa ta wannan hanya. Haka ɗ da ɓ da ƴ. Sai an zauna an gaya wa injin cewa ƙ ta tafi da k, a rubutun da aka ajiye da kuma abin da mai nema ya buga.

Da na yi ƙorafi sun yi hakan, kuma na yaba. "Koda" ta fara fito da rubutun, ni kuma na ƙara "qoda" da hannuna a jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Har na ce to, tauraro huɗu.

Murnar ba ta daɗe ba. Yanzu wanda ya rubuta ƙoda daidai ma sai ya sha duk rubutun da aka haɗe "ko da yake" ya zama "koda yake", nawa yana can ƙasa. Ai kamata ya yi wanda ya dace harafi da harafi ya hau sama, sauran su biyo baya.

Ga kuma 'ya'ya. Injin yana ɗaukar alamar ' a matsayin rabuwar kalma, sai ya nemo "ya" sau biyu, kusan duk shafin ke nan. Wanda ya buga ƴaƴa, yadda ake rubutawa a Nijar, shi kuma "yaya ake" yake samu. Na sake rubuta musu, har yau shiru. Uku na ba su, ukun ma don sun amsa na farkon ne.