Gephi na gwada don karanta zanen ɗigo da layi, ga yadda na same ta

Gephi manhaja ce ta kwamfuta, kyauta ake sauke ta, aikinta ta ɗauki jerin wa ke da alaƙa da wa ta mayar maka da shi zane, kowane mutum ko abu ya zama ɗigo, kowace alaƙa ta zama layi tsakanin ɗigo biyu. Ɗalibai ne suka fara ta a wata jami'a a Faransa, ta fito a 2008. Na yi aiki da ita sosai kuma gaskiya ina sonta, amma ba don kyan zanen ba. Abin da ya sa nake sonta shi ne duk abin da idonka ya raya maka a zanen, a gefe ɗaya akwai lissafin da za ka duba ka tabbatar ko ka ƙaryata. Wanda ya tsaya a kallon zane kawai to wallahi zanen zai yaudare shi.

Bari in yi bayani da bayanan da kowa zai iya samu ya gwada da kanshi, wato na kulob ɗin karate da Wayne Zachary ya bibiya a wata jami'a a Amurka ya wallafa a 1977. Mutum 34 ne, layi 78, kowane layi na nufin mutanen biyu suna hulɗa a wajen kulob. Rigima ta shiga tsakanin mai koyarwa, shi ne lamba 1, da shugaban kulob, lamba 34, har kulob ɗin ya dare biyu. (wasu fayilolin daga 0 suke fara ƙirga, to in naka haka yake sai ka rage ɗaya daga duk lambar da zan faɗa.) Shigar da bayanan ba wuya, fayil ne mai shafi biyu kamar haka:

```
Source,Target
1,2
1,12
32,34
```

wurin shigarwa sai ka zaɓi Undirected tunda abota ba ta da kan kibiya, in kana hulɗa da ni ai nima ina hulɗa da kai.

Da ka buɗe, abin da za ka fara gani tarkace ne kawai, ɗigogi a warwatse layuka sun sarƙe, wannan ba ya nufin komai don manhajar ta zuba su ne haka nan. Sai ka je Layout ka zaɓi ForceAtlas 2 ka danna Run. Yadda take aiki shi ne duk ɗigogi suna ture juna, amma layi yana jan biyun da ya haɗa, to waɗanda suke da layuka da yawa a tsakaninsu sai su dunƙule wuri ɗaya, sauran su yi nesa. Ba ta tsayawa da kanta fa, kai za ka danna Stop in ka ga motsin ya lafa, in sun cunkushe ka ƙara Scaling, daga ƙarshe ka saka Prevent Overlap don kar wani ya hau kan wani. A nan kam na yaba, kana kallo da idonka kulob ɗin yana rabuwa gida biyu, lamba 1 a tsakiyar ɗaya, 34 da 33 a tsakiyar ɗayan.

Amma sama da ƙasa, hagu da dama, duk ba su da ma'ana a zanen nan. Ka hargitsa ka sake Run za ka iya ganin ɓangaren lamba 1 ya koma inda na 34 yake ɗazu, kuma babu abin da ya canza a bayanan. Tsawon layi ma ba awo ba ne. Abin da kawai za ka ɗauka shi ne su wa suka dunƙule tare, shi ma sai ka tabbatar.

Cibiya, wato ɗigon da layuka suka fi taruwa a kanshi, ita ce mafi sauƙin ganowa. A Statistics ka danna Average Degree, zai ba ka kusan 4.6, ma'ana a matsakaici kowa yana da layi huɗu zuwa biyar. Sai ka je Appearance, Nodes, Size, Ranking, ka zaɓi Degree, nan take masu layi da yawa su kumbura. Lamba 34 yana da 17, lamba 1 yana da 16, lamba 33 yana da 12, sai 3 mai 10 da 2 mai 9. In ka kwatanta 17 da 4.6 ka san wannan cibiya ce ba sai an faɗa maka ba. Kuma abin da ya ɗauki hankalina, manyan biyun nan 1 da 34 babu layi kai tsaye a tsakaninsu ko ɗaya, ka ɗora linzamin kwamfuta a kan ɗaya za ka ga maƙwabtansa sun haskaka ɗayan kuma ya dushe.

Inda na fi jin daɗin manhajar shi ne nan gaba kaɗan. Yawan layi ba shi kaɗai ne muhimmanci ba, akwai ɗigon da layukansa kaɗan ne amma ta kanshi ake bi a tsallaka daga wannan gungu zuwa wancan, kamar gada, kuma ido ba ya kama shi don ƙarami ne a zanen. In ka danna Network Diameter, bayan ta ba ka 5 (wato mutum biyun da suka fi nisa da juna taku biyar ne tsakaninsu) za ta ƙara maka shafin Betweenness Centrality a Data Laboratory, wato teburin bayanan manhajar. Wannan yana ƙirga sau nawa gajeriyar hanya tsakanin wasu mutum biyu take ratsawa ta kan ɗigon. Ka jera daga babba zuwa ƙarami sai ka ga lissafi ya juya: lamba 1 ne a sama da kusan 231, shi kuma 34 da ya fi shi layi yana wajen 160. Sannan ka dubi lamba 32, layinsa 6 ne kacal amma yana da kusan 73, alhali lamba 2 mai layi 9 bai kai 30 ba. Dalili a fili yake in ka koma zanen, abokan lamba 2 yawancinsu abokan lamba 1 ne dama, ko babu shi za su iske juna, shi kuwa 32 yana haɗe da 1 kuma yana haɗe da 33 da 34, ƙafarsa ɗaya a nan ɗaya a can. Da girman ɗigo kawai na bi da ban ko kalle shi ba.

Sai maganar gungu. Ka danna Modularity, lissafin da ke raba ɗigogi gungu-gungu, sannan a Appearance ka ba ɗigogi launi ta Partition da Modularity Class. Zanen zai yi kyau sosai, kuma a nan ne ya kamata mutum ya fi taka-tsantsan. A kulob ɗin nan yawanci gungu huɗu take bayarwa da maki wajen 0.4, alhali mun san a zahiri gida biyu aka rabu. Ba ƙarya ta yi ba, kowane ɓangare yana da ƙaramin rukuni a cikinsa, misali 5, 6, 7, 11 da 17 da gaske sun fi hulɗa da junansu. Amma yawan gungun ya danganta da Resolution, ka ɗaga shi sama da 1.0 gungu su ragu, ka sauke su ƙaru, kuma da yake akwai Randomize a ciki in ka sake dannawa waɗanda suke bakin iyaka za su iya canza launi. Ni abin da nake yi sai in maimaita in lura da su wa ba sa rabuwa ko yaya na juya, waɗannan su ne gungun gaske, wanda yake ta sauya launi kuma ɗan tsakiya ne, kamar lamba 10 da layinsa biyu ne rak, ɗaya zuwa 3 ɗaya zuwa 34. Hanyar lissafin nan ko ka ba ta bayanan da aka haɗa da ka sai ta raba maka su launi-launi, don haka ganin launi ba hujja ba ne. Da ma a ce akwai gargaɗi a wurin don sabon shiga, ni a ganina wannan ne babban abin da mai koyo zai iya tafiya da shi a karkace.

Ɗigon da yake shi kaɗai babu layi ko ɗaya, shi kuma matsalarsa daban. A kulob ɗin babu irinsa, mafi kusa shi ne lamba 12 mai layi ɗaya tak zuwa lamba 1. To sai na yi gwaji, na kwafi aikin na goge lamba 1 na danna Connected Components, mai ƙirga ɓangarorin da babu layi tsakaninsu. Ya ba ni 3: babban ɓangare mai mutum 27, sai waɗancan biyar ɗin 5, 6, 7, 11, 17 sun zama tsibiri, sai 12 shi kaɗai. Nan na gane daga ina 231 ɗin nan ta fito, mutum shida ba su da wata hanya zuwa sauran sai ta kanshi. Ka sake Run na ForceAtlas 2 za ka ga 12 yana ta yin gefe don ana ture shi kuma ba layin da ke janyo shi, in Gravity ya yi ƙasa zai iya fita daga inda kake kallo ka ɗauka ma babu shi, sai ka ƙara Gravity ko ka saka Stronger Gravity ya dawo.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne fayil irin wanda na nuna a sama, na Source da Target kaɗai. Mutumin da ba shi da alaƙa da kowa ba shi da layi a fayil ɗin, to ba zai taɓa fitowa a zanen ba, kai kuma ka ce ai kowa a haɗe yake. Maganin sai ka fara shigar da fayil na ɗigogi mai shafin Id da Label, sannan na layuka, ka duba adadin Nodes a Context ko ya yi daidai da mutanen da ka sani. In kana son ganinsu su kaɗai, a Filters ƙarƙashin Topology akwai Degree Range, ka matse shi ya tsaya a 0. Kuma kafin ka yanke cewa wane a ware yake ka duba rubutun sunansa, don in an rubuta shi iri biyu a fayilolin manhajar za ta ɗauke su mutum biyu, ɗaya da layukansa ɗaya babu komai. Shi ma Giant Component, matatar da ke barin babban ɓangare kaɗai, da mutane ke son sakawa don zane ya yi tsaf, yana ɓoye duk waɗannan ne, ka ƙirga su tukun kafin ka saka.

In ɗigogi sun kai dubbai zanen yakan koma dunƙulen da ba ka iya karanta komai sai ka tace da Degree Range, a nan teburin Data Laboratory ya fi zanen amfani. Ga mai koyo dai ina ba da shawarar Gephi ba tare da shakka ba, amma ya fara da ƙaramin abu irin na mutum 34 ɗin nan da zai iya ƙirga layukan lamba 32 da yatsa ya ga sun yi daidai da abin da teburin ya ce.