Wata uku a hannun mai horarwa a Yamai domin gina sha-raɓa: abin da na samu da abin da ya ɓata mini rai

Shekara huɗu ke nan ina ɗaga ƙarfe a wani sal, wato ɗakin motsa jiki, da ke kusa da unguwar Yantala a Yamai. Ƙirji da baya da cinyoyi duk sun amsa gwargwado, amma sha-raɓata ta tsaya cak a santimita 34, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, domin duk wanda ya ganni da gajeren wando sai ya lura cewa sama ta fi ƙarfin ƙasa. Kafin in nemi taimako, kusan kullum nake yin ɗage a bisa na'ura da kilo 100, ina bugawa da sauri sau talatin ko arba'in a jere, har na fara jin agarata tana ɗaurewa idan na sauko daga gado da asuba. Wannan ne ya sa na biya kuɗin wata uku a wurin kocin sal ɗin, wanda kowa ya san farashinsa ba na wasa ba ne.

Ranar farko ce ta ba ni mamakin da har yanzu ban manta ba. Ya ce in nuna masa yadda na saba yi, na hau na yi sau ashirin da kilo 100, ina jiran yabo. Sai ya sunkuya ya mai da nauyin kilo 40, ya ce: "Babban yaya, ba tsokarka ce ke ɗaga wannan ƙarfe ba, agararka ce ke wurgo shi sama kamar roba." Ya sa na ɗora gaban tafin ƙafa kaɗai a bakin matakin, na miƙe gwiwa, na saki dunduniya a hankali cikin daƙiƙa biyu zuwa uku har ta kai iyakar inda za ta iya sauka, na tsaya a can daƙiƙa biyu cif yana ƙirgawa da baki, sannan na ɗaga har kan yatsu. Da kilo 40 ɗin nan sau 11 kawai na iya yi, a karo na biyu sau 10, a na uku sau 9, kuma zafin yana tsakiyar tsoka, wurin da ban taɓa jin komai ba a shekaru huɗu.

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina. Agara jijiya ce mai tara ƙarfi idan aka miƙa ta da sauri, sannan ta sake shi nan take, wanda shi ne ke sauƙaƙa mana tafiya da gudu. Idan mutum ya sauke dunduniya ya taso ba tare da tsayawa ba, ita ce ke ɗaukar babban rabo na aikin, tsoka kuwa tana samun ragowa. Tsayawar daƙiƙa biyu a ƙasa tana rage wannan taimako, sai tsoka ta tilastu ta ɗaga nauyin daga inda ta fi miƙewa, kuma a nan ne ta fi samun dalilin girma. Ashe abin da nake yi a da yana gajiyar da jijiya ne kullum, yana barin tsoka da yunwa.

Ya kuma raba mini sha-raɓa gida biyu. Akwai tsokar waje mai kai biyu, wadda 'yan sal ke kira jumo, wato tagwaye, kuma ita ce ake gani ta kumburo a ƙarƙashin gwiwa. Tana farawa daga ƙashin cinya ta tsallake gwiwa, don haka idan gwiwa ta lanƙwashe sai ta saki, ba ta yin aiki sosai. A ƙarƙashinta akwai wata mai faɗi da suke kira soleyar, wadda take farawa daga ƙasan gwiwa, don haka lanƙwasa gwiwa ba ya hana ta aiki. Duka biyun suna haɗuwa a agara. Ma'anar wannan ita ce ɗage a tsaye yana kama duka biyun, ɗage a zaune kuwa kusan ta ƙasan kaɗai yake kamawa. Daga baya na ci karo da wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2023, inda mutane suka horar da ƙafa ɗaya a tsaye, ɗaya a zaune, tsawon mako 12: tagwayen sun girma sosai a ƙafar da aka horar a tsaye, a ɗayar kuwa kusan ba su motsa ba, alhali ta ƙasan ta girma kusan daidai a duka biyun. Wannan ya ƙara mini amincewa da kocin a lokacin.

Tsarin da ya rubuta mini a littafi ya yi kaɗan a idona da farko. Daga kullum ya mai da ni kwana biyu a mako, Litinin da Alhamis, kuma sha-raɓa ce farkon abin da nake taɓawa idan na shiga, tun ina da ƙarfina, maimakon in bar ta ƙarshe kamar da. A makonni uku na farko, kowace rana ina yin zagayen ɗagawa, da ake kira seri, uku a tsaye da ɗaya a zaune, wato seri 8 a mako, da hutun minti ɗaya da rabi a tsakani. Daga mako na huɗu ya kai ni huɗu a tsaye da biyu a zaune, wato 12 a mako. A tsaye ina neman sau 10 zuwa 15, a zaune 15 zuwa 20, kuma ina tsayawa alhali ina jin saura ɗaya ko biyu a jikina. Ranar da na kai 15 a dukan serin tsaye ba tare da na yanke tsayawar ƙasa ba, sai a ƙara kilo 5. Abin da ya fi yi mini wuyar karɓa shi ne ya rage aikin ƙirjina daga seri 16 zuwa 8 a mako, ya kuma lissafa ƙwallon da nake bugawa ranar Asabar a cikin nauyin da ƙafata ke ɗauka. Ya ce jiki yana da iyakar abin da zai iya gyarawa a mako guda, kuma riƙe tsokar da aka riga aka gina ba ya buƙatar aiki irin na gina sabuwa. Gaskiya ya faɗa, domin ƙirjina bai ragu ba. A ƙarshen mako na shida na kai kilo 55, kuma ɗaurewar asuba ta ɓace gaba ɗaya.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba ni da abin faɗi sai godiya. Amma abin da ya faru a mako na bakwai yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. Shi da kansa ya rubuta cewa makon na sauƙaƙawa ne, a yi rabin serin amma da nauyin da aka saba, domin jijiya ta huta, kasancewar ta fi tsoka jinkirin sabawa da nauyi. Ranar Litinin na zo na tarar ya tafi Tawa biki, bai kira ni ba, bai aiko saƙo ba, ya bar ni a hannun yaronsa. Yaron bai buɗe littafin ba ko sau ɗaya. Ya sa ni seri shida a tsaye, kowane sai na kasa ɗagawa, sannan ya rage nauyi in ci gaba har in sake kasawa, daga bisani ya miƙo mini igiya in yi tsalle minti goma. Na ce masa ba haka aka tsara ba, ya ce: "Yaya, sha-raɓa taurin kai gare ta, sai an azabtar da ita." Na bi shi domin ina zaton da sanin maigidansa yake yi, kuma ranar Alhamis ya maimaita, ranar Asabar na buga ƙwallona kamar kullum.

Alamomin sun zo ɗaya bayan ɗaya, kuma ina rubuta su a nan domin su ne abin da ya kamata mai irin matsalata ya sa wa ido. Tsamin tsoka, wanda a da yake wucewa cikin kwana biyu, ya kai kwana huɗu bai tafi ba. Kilo 55 da nake ɗagawa sau 14 ya koma sau 10 ranar Litinin, ya koma 9 ranar Alhamis, wato ƙarfi ya faɗi sau biyu a jere da nauyi ɗaya. Mafi muni, ɗaurewar asuba ta dawo, sai na yi kusan minti goma sha biyar ina ɗingishi kafin ƙafar dama ta saki, kuma idan na matsa agara kamar yatsa uku sama da dunduniya sai in ji zafi a wuri guda. Tsamin da ke cikin naman tsoka, wanda ke raguwa kowace rana, abu ne da aka saba. Zafin da ya tare a jijiya yana ƙaruwa da safe kuwa gargaɗi ne, kuma da ya zo farat ɗaya da kumburi ko na kasa tsayawa a kan yatsu, da likita zan nufa kai tsaye.

Da kocin ya dawo, a fannin aiki ya yi abin da ya dace. Ya hana ni tsalle da ƙwallo kwana goma, ya sa ina yin ɗage a hankali da ƙafa biyu a kan daɓe, ba tare da dunduniya ta sauka ƙasa da yatsu ba, sannan ya mai da ni kan na'ura da kilo 45 da seri 8 a mako, muka sake hawa sannu a hankali. A fannin mu'amala kuwa ya gaza. Na nemi ya ƙara mini makonni biyun da aka ɓata a kan wa'adina, ya ce tsarin sal bai yarda ba, kuma bai ce mini ko "yi haƙuri" a kan tafiyar da ya yi babu sallama ba. Ba kuɗin ne suka fi damuna ba. Mutumin da ya koya mini cewa yawan aiki ne ke kashe sha-raɓa shi ne ya miƙa ni ga wanda ya yi mini ainihin hakan, kuma har yau yaron yana horar da wasu a sal ɗin da wannan salo.

A ƙarshen mako na 12 na auna kamar yadda na auna a farko, da safe kafin motsa jiki, a tsaye, a wurin da ya fi kauri. Hagu ta kai santimita 35, dama ta tsaya kaɗan ƙasa da haka, kuma ina ɗaga kilo 60 sau 13 da tsayawar daƙiƙa biyu. Santimita ɗaya ba abin da mai wucewa zai lura da shi ba ne, amma shi ne motsi na farko da awon ya yi cikin shekara huɗu. Tun farko ya gaya mini cewa tsokata a sama take zaune, agarata doguwa ce, wannan halitta ce da ƙarfe ba ya canzawa, kaurin kawai za a iya ƙarawa, kuma na yaba da bai sayar mini da mafarki ba.

Ban sabunta kuɗin ba. Littafin yana hannuna, ina ci gaba da tsarin ni kaɗai Litinin da Alhamis, ina sauƙaƙawa kowane mako na bakwai. Wani abokina mai fama da tsokar bayan kafaɗa ya tambaye ni ko ya je wurinsa, na ce ya je, domin mutumin ya san aikinsa, amma ya kafa sharaɗi tun kafin ya biya cewa duk ranar da koci ba ya nan, abin da ke rubuce a littafi kaɗai za a yi, kuma ranar ba za ta shiga lissafi ba.