Janareta ɗaya na haɗaka ko kowa da nasa: abin da na gani bayan na yi amfani da duka biyun

Gida 8 ne muka haɗa kuɗi muka sayi janareta ɗaya mai shan dizal, bayan kusan kowannenmu ya yi shekaru yana fama da ƙaraminsa mai shan fetur. Na zauna da tsarin biyu, kuma ra'ayina shi ne na haɗaka ya fi araha nesa ba kusa ba, amma arahar ba ta hana rigima. Abin da ya riƙe tafiyar tamu shi ne yadda muka raba kuɗin mai, kuma a kan wannan nake son in tsaya sosai.

Ƙaramin da nake da shi a da irin wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ne, ƙarfinsa bai kai kilowat 1 ba. Idan na ɗora masa fanka biyu, talabijin, ƙwayayen wuta da cajin wayoyi, wato kamar wat 500, yakan sha abin da ya ɗan haura rabin lita a awa. A dare ɗaya na awa 5 ina ƙona kusan lita 3 don in samu yunit 2.5 na wuta. Yunit ɗaya shi ne kilowat 1 na tsawon awa guda, shi mita take ƙirgawa. Abin da ya fi ba ni haushi da shi, ko na kashe komai na bar ƙwai biyu kawai, man da yake sha ba ya raguwa yadda kayan suka ragu, domin injin dole ya ci gaba da juyawa da gudunsa ko akwai kaya ko babu. Ga wankin filogi da kabureta da ba ya ƙarewa, ga wutar tana hawa da sauka har caja ta ƙone.

Na haɗakar an rubuta 10 kVA a jikinsa, wanda a aikace yake nufin kusan kilowat 8. Mukan tayar da shi daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 11 na dare. Jimillar kayan gidajen takan tsaya wajen kilowat 4, wato rabin ƙarfinsa, don haka a dare yana ba mu yunit 20 da kimanin lita 8 na dizal. In aka raba, kowane gida lita 1 ke nan a kan yunit 2.5 ɗin da nake ƙona wa lita 3 a da. Gida 8 da ƙananan injuna za su ƙona fiye da lita 20 kafin su samu wutar da lita 8 ta ba mu. Ko da kuɗin litar dizal ya ninka na fetur, haɗakar ba ta faɗi ba.

Sai dai kada kowa ya ɗauka shigarta da sauƙi. Kuɗin injin, da wayar da aka ja zuwa kowane gida, da rumfar da aka yi masa, da ladan mai gyaran wuta, sun fi kuɗin ƙananan injuna 8 in an haɗa su. A hankali ake mayar da wannan ta rangwamen mai da kuma daɗewar injin, tunda injin dizal mai juyawa a hankali yana jure shekarun da ƙaramin zai mutu a sake saye. Wanda yake haya kuma bai san ko zai kai baɗi a gidan ba, yana da hujja in ya ƙi shiga.

Da farko daidai wa daida muke raba kuɗin mai, kowa lita 1 a dare. A takarda ya yi kyau, amma cikinmu akwai wata dattijuwa da ke zaune da jikokinta, kayanta ƙwai 3 masu wat 10, fanka ɗaya da cajar waya, duka bai wuce wat 110 ba. A awa 5 tana cin abin da ya ɗan haura rabin yunit. Akwai kuma gida biyu masu firiza da dutsen guga, kowannensu yana cin yunit 5. Ke nan tana biyan kuɗi ɗaya da wanda ya ninka ta sau 9 a shan wuta. Gaskiya ne ko a haka ta fi samun sauƙi a kan ta sayi ƙaramin inji, domin shi ma zai sha mata fiye da lita a dare, kuma masu firiza sun kafa wannan hujjar. Ni ban karɓe ta ba. Don mutum ya samu sauƙi a wajenka, bai halatta ka ɗora masa kuɗin sanyin firizarka ba. Ita ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma shirun nata ne ya fi damuna, saboda a irin wannan tsari mai kunya shi ke ɗaukar nauyin mai baki.

Mun gwada ƙirga kayan kowane gida a yi masa kuɗi gwargwadonsu. Bai yi aiki ba. Ba wanda zai shiga ɗakin maƙwabcinsa ya duba ko an jona hita, kuma da zarar injin ya canza murya ya fara baƙin hayaƙi sai zargi ya tashi, kowa yana kallon gidan da yake tuhuma.

Abin da ya kashe maganar ƙananan mitoci ne, ɗaya ga kowane gida, duka a cikin akwati guda mai makulli kusa da injin, inda kowa zai iya karanta ta kowa ta gilashi. Amma ko da mita akwai tambaya: a raba duka man bisa yunit? In aka yi haka, kowane yunit zai tashi a lita 0.4, dattijuwar ta biya kamar lita 0.2, mai firiza ya biya lita 2. Nan kuma masu firiza suke da gaskiya da suka ce an matsa musu, domin injin yana da man da yake sha don kawai yana kunne. Mun auna shi ba kaya, ya sha wajen lita 0.6 a awa, wato lita 3 cikin 8 ɗin da ake ƙonawa a dare. Wannan lita 3 kuɗin samuwar wuta ne a layin kowa, ko ka kunna ƙwai ɗaya ko goma, don haka muka raba shi daidai gida 8. Sauran lita 5 ita kaya suke jawowa, ita muka raba bisa mita, kowane yunit kwatan lita. Da wannan lissafi dattijuwar ta koma biyan kusan rabin lita a dare, mai firiza lita 1.6, matsakaicin gida irin nawa ya tsaya a lita 1. Tun da aka fara haka ban sake jin an ɗaga murya kan kuɗin mai ba. Wani abin da ban zata ba, shan wutar ma ya ragu, mutane suka fara kashe fankar ɗakin da ba kowa.

Mita tana gaya maka abin da mutum ya sha, amma ba ta hana shi kayar da injin. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1000 ko fiye, firiza kuma a daidai lokacin tashinta tana fizgar ninki uku ko fiye na abin da take ja in ta daidaita. In gida huɗu suka jona guga a tare, kowa zai shiga duhu. Don haka aka sa wa kowane gida bireka a cikin akwatin nan. Inda wuta take bolt 230, bireka mai amfiya 4 tana barin kusan wat 900 ya wuce, mai amfiya 6 kuma kusan wat 1400. Gida 6 suka ɗauki mai 4, masu firiza suka ɗauki mai 6 tare da ƙarin kaso a kuɗin sayen injin. Yanzu wanda ya wuce iyakarsa gidansa kaɗai ke ɗaukewa. Kowane gida kuma yana da makunnin canjin layi, don kada wutar injin ta haɗu da ta kamfani in an kawo, ko ta koma kan babban layi ta kama ma'aikacin da ke gyara.

Gidan da ya fi nisa ya sha wahalar raunin wuta, fankarsa tana juyawa a kasale alhali na kusa lafiya lau. Siririyar waya ce a doguwar tafiya take zubar da ƙarfin. Da aka sa mai kauri ya warware, kuma daga asusun kowa aka biya, tunda ba shi ya zaɓi inda aka ajiye injin ba.

Asusun gyara shi ne abin da zan ce kada a fara ba tare da shi ba. Injin yana son canjin baƙin mai da filta kusan kowace awa 250, a tafiyarmu duk bayan kwana 50 ke nan. Muna ɗora kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin man kowa muna ajiyewa. Lokacin da famfon mai ya lalace, ba a bi gida gida ana roƙo ba. Amma a kwanakin gyaran duk gida 8 muka kwana a duhu tare, kuma wannan rauni ne da ƙananan injuna ba su da shi: na ɗaya in ya mutu, na maƙwabci yana aiki, ka kai wayarka caji.

Rauni na biyu shi ne lokaci. Akwai tela a cikinmu da yake buƙatar wuta da rana, ga mai jinya da zafi yake hana shi barci bayan 11. Tayar da injin kilowat 8 don gida ɗaya asara ce, kuma injin dizal in ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa man ba ya ƙonewa da kyau, sai ka ga baƙin danƙo yana tsatsowa a salansa. Telan dai bai sayar da ƙaraminsa ba, kuma na ga dacewar hakan.

Sai gidan da injin yake jikin katangarsa. Shi ke shan ƙara, shi ke tayarwa da kashewa, shi ke rubuta awoyi. Mun yafe masa kasonsa a cikin lita 3 ɗin nan da injin ke sha ba kaya, kuma har yanzu ina ganin bai kai wahalarsa ba. Ta fuskar lafiya kuwa haɗakar ta fi: hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci, shi ya sa ake so inji ya yi nisan mita 6 daga ƙofa da taga. Da ƙananan, tsoron ɓarayi yakan sa mutane su jawo su baranda ko lungun ɗaki. Inji ɗaya a rumfa mai iska da makulli ya raba mu da wannan.

Abu ɗaya da ba mu warware ba shi ne kason wanda zai tashi. Wani maƙwabci ya samu canjin wurin aiki yana neman kuɗin da ya zuba a sayen injin. Wasu sun ce a ba shi duka, wasu sun ce a cire tsufan da injin ya yi. Ni ina tare da masu cewa a cire kashi ɗaya cikin 8 a kan kowace shekarar da aka yi amfani da shi, sabon mai shigowa ya biya ragowar. Duk wanda zai fara irin wannan haɗaka, ya rubuta wannan sharaɗin a sa hannu tun kafin a sayo injin.