Giya ce ko zazzaɓi? Abin da layin bugun zuciya na dare ke nunawa

A daren lafiya, agogon hannu mai auna bugun zuciya yakan zana layi kamar kwarya: bugun ya sauka bayan ka kwanta, ya kai ƙasa wajen tsakiyar barci, ya ɗan tashi gab da asuba. Giya da rashin lafiya duk suna ɓata wannan siffa, amma kowace da salonta.

A ce mutum ya saba sauka zuwa 55 a minti ɗaya da misalin ƙarfe 2 na dare. Daren da ya sha giya, layin zai fara daga sama, kamar 72, ya riƙa gangarowa a hankali yayin da hanta ke sarrafa barasar, bai kai ƙasa ba sai daf da farkawa. Dare ɗaya ko biyu, ya koma daidai. Cin tuwo mai nauyi ko motsa jiki gab da kwanciya ma kan zana irin wannan gangara, don haka kada a yi saurin zargi.

Zazzaɓi kuwa ɗaga layin yake yi gaba ɗaya, ya shimfiɗe a 65 har gari ya waye, ba gangara. Ƙarin zafin jiki na digiri ɗaya kan ƙara bugu kusan 10 a minti, wani lokaci tun kafin ka ji ciwon kai. Wannan ne ya fi damuna, domin gobe ma yakan maimaita ko ya ƙaru.

Agogon dai ba ya faɗin sunan cuta, kuma madauri sako-sako na ɓata awo. In layin ya kwana biyu a sama, auna zafin jikinka, ka dakatar da atisaye, in da zazzaɓi ka je gwajin maleriya.