Na biya dubu biyar an gyara min tallan gidan haya, ga yadda ta kaya

Ina da ɗakuna uku na haya a Hayin Dogo nan Samaru, biyu selfkon ɗaya ciki da falo. Tallan da na rubuta da kaina na baiwa dillalai shi ne: babban gida mai kyau, kusa da ABU, hanya lafiya lau, akwai ruwa da wuta. Wata biyu waya na ta ƙara amma duk wanda ya zo sai ya leƙa ya ce Alhaji zan dawo, shikenan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa. Wanda ya fi ba ni kunya wani bawan Allah ne da ya taso tun daga Funtuwa zai kama wa 'yarsa ɗaki, ashe yarinyar lauya take karanta kuma su a harabar ABU ta Kongo suke, ni ABU ɗin da nake nufi ta Samaru ce, daga nan zuwa can sai ka ratsa Kwangila ka keta gari. Mutumin bai zage ni ba amma kallon da ya min ya ishe ni.

Ƙanina ne ya haɗa ni da wani yaro da ke wannan sana'a ta rubuta talla da ɗaukar hoto, ya ce dubu biyar. Na ɗauka a waya zai gama, sai ga shi da tef ɗin awo a aljihu. Tambayar farko da ya min ita ce, Baba da ka ce babba, ƙafa nawa ne? Na yi shiru. Ya auna, selfkon na farko ƙafa 12 da 12, na biyun da nake ta cika baki a kai 10 da 11 ne. Ya ce katifa mai 6 da 6 in ta shiga wannan ɗakin ƙafa huɗu ko biyar ne za su rage a gefe, sai a rubuta awon, ɗalibi mai ƙaramar katifa zai ga ya masa, mai shirin aure kuma ba zai ɓata kuɗin acaɓa ba.

Maganar "kusa" ta fi ɗaukar mu lokaci. Ya kunna agogon waya muka taka da ƙafa daga ƙofar gida har North Gate ta ABU, ni ina ta haki, minti 17 cif. Ni a raina kullum minti biyar ne saboda a mashin nake zuwa. Ya ce sai an faɗi wace ƙofa kuma da me aka je, ƙafa ko abin hawa, don minti biyar ɗin mai mota daban na mai silifas daban.

Sai hanya. Kwalta ta ƙare, sauran kamar mita 300 jar ƙasa ce, lungun kuma faɗinsa ƙafa 9 a inda ya fi matsewa wajen katangar maƙwabcina. Ƙaramar mota irin Corolla da faɗinta bai cika ƙafa 6 ba tana wucewa, tankar ruwa ko babbar motar kaya kuwa sai dai ta tsaya a baki. Ya tambaye ni yaya wajen yake a watan Agusta, na so in yi kwana, ya ce ai mai haya zai gani da idonsa. Dole na yarda ruwa na kwanciya wajen kwalbati in an yi mai ƙarfi.

Abin da ya fito a ƙarshe: selfkon ƙafa 12 da 12 da wani 10 da 11, Hayin Dogo Samaru, minti 17 a ƙafa zuwa North Gate, mita 300 daga kwalta, ƙaramar mota na shiga har ƙofa, ruwa na taruwa a lungu da damina, rijiya a tsakar gida tana ja baya a watan Afrilu, mitar wuta ɗaya ake rabawa.

Inda ban ji daɗinsa ba, ya so ya saka ainihin wurin gidan a taswira kowa ya gani, na hana, gidan da mata ke ciki a wannan zamani unguwa da kwatance sun isa, wanda ya kira da gaske a kai shi. Kuma ya ce kwana ɗaya, sai da ya yi huɗu ina bin sa a waya. Hotunan ma da wata kyamara mai faɗaɗa ɗaki ya ɗauka, ɗan ƙaramin ya koma kamar falo, wato ƙaryar da ya cire a rubutu ta dawo ta hoto, na sa ya sake.

Kira ya ragu sosai, a sati biyu mutum shida kawai, amma huɗu sun zo kuma biyu sun biya. Mai ƙaramin ɗakin ma da nasa tef ya zo ya auna, ya samu 10 da 11 ɗin, bai ko nemi ragi ba. Ciki da falon na nan har yanzu, mai mota jif ya so shi lungun ya hana.