Depth ko Canny: wanne ke riƙe gini idan za a canza masa fuska?

Tambaya: "Ina da hoton bene mai hawa uku na jan bulo, ina so in mayar da shi farin filasta. Da Canny layukan bulo sun ƙi fita, da Depth kuma tagogi na canza wuri. Wanne ya fi?"

Malam, Canny da Depth hanyoyi ne a ControlNet, wato ƙarin da ke sa injin zanen hoto na Stable Diffusion ya bi taswirar da aka ciro daga hotonka, kuma kowanne da abin da yake gani. Canny ba ruwansa da mene ne bango, mene ne inuwa. Duk inda haske ya sauya kwatsam sai ya ja layi, don haka simintin da ke tsakanin bulo da bakin taga duk ɗaya ne a wurinsa. Ka ba injin taswira cike da ƙananan murabba'ai, dole ya zana maka filasta mai tsagin bulo. Duba hoton da ke fitowa a `Preview` kafin komai. Idan ka ga jerin bulo a ciki, ɗaga `Low Threshold` da `High Threshold` daga 100 da 200 zuwa wajen 150 da 250. Sai dai wani lokacin gefen taga mara haske sosai ma yakan tafi tare da su.

Depth kuwa nisa kawai yake aunawa, na kusa fari, na nesa baƙi. Bulo ya ɓace gaba ɗaya, abin da kake so ke nan. Matsalar ita ce taga. Hoton 8-bit matakai 256 kawai yake da su. Idan taswirar ta raba zurfin mita 50 daidai-wa-daida, kowane mataki kusan santimita 20 ne, taga kuma ta shige bango da santimita 10. Ka ga ta narke cikin bangon, sai injin ya ƙirƙiro tagoginsa inda ya ga dama. Gilashi ma na ruɗa `depth_midas`, mai fitar da taswirar Depth ɗin, yakan ɗauki sararin samaniyar da ke haskawa a jikinsa a matsayin wuri mai nisa.

A naka aikin ni haɗa biyu zan yi, amma MLSD zan sa a madadin Canny, domin dogayen layuka miƙaƙƙu yake kamawa, yawancin ƙananan tsagi yakan bar su.

```
Unit 0: control_v11f1p_sd15_depth  Weight 1.0  Steps 0-1.0
Unit 1: control_v11p_sd15_mlsd     Weight 0.6  Steps 0-0.6
```

Dalilin tsayar da MLSD a 0.6, wato bayan kashi 60 cikin 100 na matakan zanen, shi ne, tsarin hoto a matakan farko yake kafuwa, laushi ko kaushin bango kuma a na ƙarshe. Idan ka bar layuka har ƙarshe, za ka ga baƙin zare a gefen kowace taga kamar zanen biro. Kunna `Pixel Perfect` don taswirar ta yi daidai da girman hoton.

Idan ta `img2img` kake aiki, wato injin yana zana sabon hoto a kan tsohon, `Denoising strength` ƙasa da 0.6 zai bar jan bulo yana leƙowa, kai shi 0.75 ko sama. Ginin da ke da baka ko kubba kuwa, MLSD zai kakkarya lanƙwasar ko ya tsallake ta, a nan sai ka koma Canny ka goge layukan bulon da hannu kafin ka loda taswirar, `Preprocessor` a kan `none`.